Ɓoyayyen sashen farfaɗo da kwamfuta: wanne za a bari, wanne za a goge yayin ɗora sabon Windows

Duk wanda ya taɓa ɗora wa kwamfutar tafi-da-gidanka sabon Windows ya san wurin da hannu kan tsaya cik. Bayan an zaɓi harshe kuma an amince da sharuɗɗa, sai allon ya nuna jerin sassan faifan kwamfutar yana tambayar inda za a ɗora tsarin. Mutumin da tun da ya sayi na'urar bai san komai a cikinta ba sai C:, kwatsam sai ya ga layuka biyar ko shida, uku daga ciki ɗauke da suna iri ɗaya, wato Recovery. A ƙarƙashinsu kuma ga maɓallin Delete, wanda gargaɗi ɗaya kawai yake yi kafin ya aiwatar, kuma ba ya janye abin da ya riga ya yi.

A nan mutane kan rabu biyu. Wasu su goge komai don samun fili, daga baya su tarar Wi-Fi ba ya aiki kuma babu hanyar sauko da gyaransa. Wasu kuma tsoro ya sa su bar komai, su yi shekaru suna ajiye da gigabait goma sha wani abu da ba zai sake yi musu amfani ba. Abin da ke jawo kuskuren duka biyun shi ne sunan nan Recovery, domin abubuwa biyu mabambanta ne ke amsa shi.

Abin da ke cikin faifan

A ɗauki misalin kwamfutar da ta fito daga masana'anta da Windows 10 a kan faifan SSD mai gigabait 256, wanda Windows ke nunawa a matsayin kimanin 238. Idan aka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, waɗannan umarnin za su nuna sassan, ko fatishin kamar yadda masu gyara ke kiransu, ba tare da sun taɓa komai ba:

```
diskpart
list disk
select disk 0
list partition
```

A irin wannan na'ura ana iya ganin sassa shida. Na farko System, mai megabait 260. Na biyu Reserved, mai megabait 16. Na uku Primary, mai gigabait 223, wanda shi ne C:. Sai na huɗu, na biyar da na shida, dukkansu Recovery: ɗaya mai megabait 990, ɗaya mai gigabait 13, na ƙarshe kuma mai gigabait ɗaya da ɗoriya.

Biyun farko ba su da alaƙa da farfaɗowa, ko da yake su ma a ɓoye suke. Na farkon shi ne sashen EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke. Da an kunna na'ura nan take fara dubawa, kuma idan aka goge shi kwamfutar ba za ta tashi ba, ko da Windows ɗin da ke C: lafiyarsa ƙalau. Na biyun ɗan fili ne da Windows ke keɓe wa kansa, babu fayil a cikinsa, kuma megabait 16 ba su kai a tsaya a kansu ba.

Sashe na huɗu na Microsoft ne. A cikinsa akwai fayil mai suna Winre.wim, wani ƙaramin Windows da ke tashi idan babban ya kasa. Shi ne shuɗin allon da ke bayyana da zaɓin Startup Repair ko Reset this PC bayan kwamfuta ta gaza tashi sau biyu a jere. Na biyar kuwa na kamfanin da ya ƙera na'urar ne: cikakken kwafin yadda kwamfutar take ranar da ta bar masana'anta, da Windows ɗinta, da direbobinta, da duk manhajojin da kamfanin ya cusa mata. Na shida yawanci kayan aikin kamfanin ne, wato manhajar da ke buɗe wancan kwafin ko take binciken lafiyar na'ura. A kwamfutocin Dell da yawa sunayen waɗannan ukun su ne WINRETOOLS, Image da DELLSUPPORT. A tsofaffin Acer ana ganin PQSERVICE, a HP kuma RECOVERY da HP_TOOLS.

Girma na ba da haske amma bai isa hujja ba. Hanyar tabbatar da wanda Windows ke dogaro da shi a yanzu ita ce a tambaye shi:

```
reagentc /info
```

Amsar za ta nuna ko farfaɗowar tana Enabled, sannan ta ba da wurinta a wani dogon layi da ke ɗauke da harddisk0\partition4. Lambar da ke nan ita ce ta sashen da ke aiki. Wannan binciken na da muhimmanci a kwamfutar da ta sha sabuntawa, domin wani lokaci Windows kan tarar tsohon sashen ya yi masa kaɗan, sai ya yanki C: ya kafa sabo, ya bar tsohon ba ya aikin komai. Shi ya sa ake samun ƙananan sassa biyu masu kama da juna, ɗaya rayayye ɗaya matacce.

Lasisi ba ya cikinsa

Babban dalilin da ke sa mutane riƙe sashen kamfani shi ne tsoron rasa lasisin Windows. Tsoron ya samo asali ne daga zamanin Windows 7, lokacin da lambar lasisin ke kan takardar da aka manna a ƙarƙashin kwamfuta, wadda kan goge saboda zafi da gogayya. Tun daga Windows 8, da ya fito a 2012, manyan kamfanoni suna rubuta lambar ne a cikin manhajar allon kwamfutar kanta, a wani tebur da ake kira MSDM. Ba ta kan faifai sam. Ko an cire faifan an jefar an sa sabo, mai ɗora Windows zai karanta lambar da kansa. Mai son ganinta zai iya rubuta wannan a PowerShell:

```
(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey
```

Abin lura ɗaya ne. Lambar ta nau'in da aka sayar da kwamfutar da shi ce. Idan da Home ta zo, ɗora Pro ba zai kunnu da wannan lambar ba. Idan kuma umarnin bai nuna komai ba, to babu lamba a allon, kuma ya kamata a duba shafin Activation a Settings kafin a goge komai, a ga ta wace hanya aka kunna Windows ɗin da ke kai.

Darajar kwafin masana'anta

Kwafin da ke sashe na biyar ba ya girma da kwamfutar. Ranar da aka rubuta shi nan ya tsaya. Idan na'urar ta fito a 2018, mayar da ita gare shi na nufin komawa Windows 10 na 2018, ba tare da gyare-gyaren tsaron da suka biyo baya ba, ga kuma manhajojin gwaji da wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ga irin wannan na'ura kwafin na mayar da mutum ne ga tsarin da zai sake bari.

Ko kafin wannan, Windows 10 ya rage buƙatarsa. Tun fitowarsa a 2015, Reset this PC na iya sake gina tsarin daga fayilolin da ke C: ba tare da wani kwafi na daban ba. Dalilin ke nan da ya sa sababbin kwamfutoci da dama ba su da babban sashen kamfani ko kaɗan, sai ƙaramin na Microsoft kawai.

Duk da haka akwai inda kwafin ke da daraja ta gaske. Yana aiki ba tare da intanet ba, alhali fayil ɗin Windows 11 da ake saukewa ya haura gigabait biyar, banda direbobi da sabuntawa. Ga wanda ke sayen data da tsada, ko yake garin da sabis ke yankewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana kuma ɗauke da direbobin da suka dace da na'urar daidai, waɗanda ga tsohon samfuri wataƙila kamfanin ya riga ya cire daga shafinsa. Sannan ga kwamfutar da ke da sauran garanti, ko wadda mai ita ke shirin sayarwa nan kusa, iya mayar da ita yadda ta fito abu ne mai amfani.

Ga kwamfutocin hannu, irin waɗanda ake shigo da su ta kasuwanni kamar Computer Village da ke Ikeja kafin su bazu zuwa sauran garuruwa, lissafin ya sha bamban. Yawancinsu an sake ɗora musu Windows kafin a sayar, wani lokaci ma faifan da ke ciki daga wata na'ura aka ciro shi. Sashen Recovery mai gigabait 13 a irin wannan yanayi na iya zama na wani samfuri dabam. Ana iya leƙa cikinsa ta hanyar ba shi harafi na ɗan lokaci a diskpart:

```
select partition 5
assign letter=R
```

Daga nan `dir /a /s R:\` a wata tagar zai nuna manyan fayiloli masu ƙarewa da .wim ko .swm tare da kwanan watansu, sannan `remove letter=R` ya mayar da sashen ɓoye. Gwajin da ya fi sauƙi kuma shi ne danna maɓallin farfaɗowar kamfanin yayin kunnawa: F11 a HP, F9 a ASUS, Alt da F10 a Acer, ɗan maɓallin Novo a wasu Lenovo. Idan manhajar kamfanin ta buɗe, sashen na raye, sai a fita ba tare da an zaɓi komai ba. Idan ba ta buɗe ba, mai yiwuwa haɗinsa da sauran sassan ya riga ya tsinke.

Rabin mataki

Wannan batun haɗi shi ne abin da aka fi jahilta. Sashen kamfani ba ya tashi shi kaɗai. Maɓallin da aka danna na bi ta bayanan da ke sashen EFI, ya kai ga manhajar farfaɗowa da kamfanin ya yi wa kwaskwarima, ita kuma ta buɗe kwafin. Mutum na iya goge sassa na ɗaya zuwa na huɗu, ya ɗora sabon Windows, ya bar na biyar da na shida da niyyar yin taka-tsantsan. Sabon Windows zai kafa nasa EFI da nasa sashen farfaɗowa, waɗanda ba su san da zaman kwafin kamfanin ba. A mafi yawan lokuta sakamakon shi ne gigabait 14 a kulle, maɓallin kuma ba ya kai wa ko'ina. Ƙwararre na iya shimfiɗa fayil ɗin .wim da hannu ta amfani da DISM, amma wannan ba shi ne abin da mai kwamfutar ya zaci ya tanada ba.

Saboda haka zaɓin da ke da ma'ana biyu ne. Ko dai a bar dukkan ɓoyayyun sassan yadda suke, a yi amfani da Reset this PC ko manhajar kamfanin don tsabtace na'urar, ko kuma a kwashe abin da ke da amfani zuwa waje sannan a goge duka.

Abin da za a kwashe kafin gogewa

Na farko direbobi, kuma su ne ainihin dukiyar da ke cikin tsarin kamfanin. Windows ɗin da ke aiki na iya fitar da su gaba ɗaya zuwa filash. Idan filash ɗin na kan E: kuma an buɗe masa jaka mai suna Drivers:

```
pnputil /export-driver * E:\Drivers
```

Biyu daga cikinsu ne ke iya tsayar da aiki. Direban Wi-Fi shi ne ɗaya, domin Windows 11 na neman intanet tun a matakin saiti, kuma kwamfutoci sirara da yawa ba su da kafar waya. Ɗayan shi ne direban Intel Rapid Storage Technology. A na'urori da yawa masu Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, mai ɗora Windows kan nuna jerin faifai wayam, kamar babu faifai a ciki. Faifan lafiyarsa lau, direba ne babu, kuma maɓallin Load driver da ke wannan allon zai karɓe shi daga filash. Bayan an gama ɗorawa, `pnputil /add-driver E:\Drivers\*.inf /subdirs /install` zai mayar da sauran.

Na biyu mabuɗin BitLocker. Kwamfutoci da yawa na zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Umarnin `manage-bde -status` zai nuna ko haka ne, `manage-bde -protectors -get C:` kuma ya fito da mabuɗin mai lambobi 48. A rubuta shi a takarda. Wanda zai goge komai ba ya buƙatarsa muddin ya riga ya kwashe fayilolinsa, amma wanda zai taɓa wasu sassa ya bar C: yana iya tarar da kwamfutar tana neman mabuɗin a tashin gaba, kuma babu mai gyaran da zai iya tsallake shi.

Na uku madadin sashen da kansa. Manhajar Recovery Drive da ke cikin Windows na haɗa filash ɗin farfaɗowa, kuma idan aka zaɓi Back up system files to the recovery drive, za ta haɗa da fayilolin tsarin. Tana buƙatar filash mai gigabait 16 a galibi, tana goge duk abin da ke kansa, kuma tana ɗaukar lokaci, don haka ba aikin da za a fara da batir mai rauni ba ne. Mai son ainihin yanayin masana'anta, sashe da sashe, sai ya ɗauki hoton faifan gaba ɗaya zuwa faifan waje da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce. Ko wanne aka yi, a gwada tayar da kwamfutar daga filash ɗin kafin a goge komai. Filash ɗin jabu da ke nuna gigabait 32 alhali bai kai ba yana nan a kasuwa, kuma yakan karɓi fayiloli ba tare da ƙorafi ba.

A gaban allon ɗorawa

Idan an yi waɗannan, sauran aikin gajere ne. A zaɓi Custom, a goge sassan Drive 0 ɗaya bayan ɗaya har ya zama layi guda mai suna Unallocated Space, a zaɓe shi, a danna Next. Windows zai kafa sashen EFI, da ɗan keɓaɓɓen filin, da C:, da sabon sashen farfaɗowa da kansa. A misalin da ke sama C: zai tashi daga gigabait 223 zuwa kusan 237.

Kuskuren da ake yi a nan na ido ne. Idan mai kwamfutar na da D: inda yake ajiye hotuna da takardu, a wannan allon babu haruffa, sai lamba da girma da laƙabi in akwai. Kamata ya yi a rubuta girman kowane sashe tun Windows na aiki. Idan kuma faifai biyu ne a na'urar, ya fi a cire na biyun na ɗan lokaci, domin mai ɗorawa na iya ajiye fayilolin tashi a wani faifan dabam da wanda Windows ke kai. Ba a gane haka sai ranar da aka cire faifan nan kwamfutar ta ƙi tashi.

Wanda zai ɗora Ubuntu kusa da Windows hukuncinsa akasin haka ne. Filin da yake buƙata daga C: zai yanko shi ta Shrink Volume a Disk Management, ya bar ɓoyayyun sassan duka. Ubuntu zai saka nasa fayilolin tashi a sashen EFI ɗin da ke nan, kuma ba a yi masa fomatin. Zaɓin Erase disk and install Ubuntu kuwa ma'anarsa faifan gaba ɗaya, har da kwafin kamfanin. A tsofaffin kwamfutocin zamanin Windows 7 masu tsarin MBR akwai wata matsala ta daban: tsarin sassa huɗu na asali kawai yake ɗauka, kuma HP da yawa sun zo da huɗun a cike, wato SYSTEM, C:, RECOVERY da HP_TOOLS. A nan dole ɗaya ya tafi kafin a samu wurin Linux, kuma bayan an kwafe shi zuwa waje, RECOVERY ne ke ba da fili mai yawa.

Idan fili kawai ake nema

Akwai kuma mai son gigabait 14 ɗin nan ba tare da sake ɗora komai ba. Disk Management ba zai bari a goge sassan ba saboda suna da kariya, amma diskpart zai yi idan aka tilasta masa:

```
select partition 5
detail partition
delete partition override
```

Layin tsakiya dama ce ta ƙarshe ta tabbatar da cewa sashen da aka zaɓa shi ake nufi. Bayan kowace gogewa a sake `list partition`, domin lambobin na iya sauyawa, kuma wanda ya ci gaba da tsohuwar lamba zai iya goge abin da bai yi niyya ba.

Daga nan sai a tarar Extend Volume a dushe, ba ya dannuwa. Windows na faɗaɗa sashe ne kawai zuwa filin da ke manne da shi ta dama, kuma tsakanin C: da sabon filin akwai sashe na huɗu. Mafi sauƙi shi ne a mayar da filin D: a ajiye takardu a ciki. Mai son haɗa shi da C: sai ya fara da `reagentc /disable`, wanda ke mayar da Winre.wim zuwa C:\Windows\System32\Recovery. Ya tabbatar da `dir /a` cewa fayil ɗin ya isa can, sannan ya goge sashe na huɗu, ya faɗaɗa C: amma ya rage gigabait ɗaya a ƙarshe, ya sake kafa sashen a wannan ragowar:

```
create partition primary id=de94bba4-06d1-4d40-a16a-bfd50179d6ac
gpt attributes=0x8000000000000001
format quick fs=ntfs label="Windows RE tools"
```

Doguwar lambar ita ce shaidar da ke gaya wa Windows cewa sashen na farfaɗowa ne, layi na biyu kuma ke ɓoye shi da ba shi kariya. Waɗannan na faifai mai tsarin GPT ne kawai. Bayan an fita daga diskpart, `reagentc /enable` zai mayar da fayil ɗin wurinsa, `reagentc /info` kuma ya nuna sabuwar lambar sashen.

Bai kamata a yi rowar wannan gigabait ɗayan ba, ko a bar sashen gaba ɗaya. Windows ba ya kunna farfaɗowarsa a kan C: da BitLocker ya kulle, don haka tana buƙatar wurinta dabam. Kuma a watan Janairun 2024 sabuntawar KB5034441 ta riƙa gazawa a kwamfutocin Windows 10 masu yawa da lambar kuskure 0x80070643, saboda tana buƙatar megabait 250 na fili a sashen farfaɗowa, sassan da aka kafa da kimanin megabait 500 kuma ba su da shi. Gyaran da Microsoft ya bayar a lokacin shi ne masu kwamfutocin su yanki C: su faɗaɗa sashen da hannu, da irin waɗannan umarnin.